Babin zagayen ruwa ya ƙi zama a kaina

*Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare. Babin zagayen ruwa a littafinmu na labarin ƙasa shafi 18 ne, rubutu ƙanana a cunkushe. Na karanta shi sau uku, na ja layi kusan a ko'ina, na kwafi shafi tara a littafin rubutuna, amma da aka yi mana gwaji 7 cikin 20 na ci. Saura mako uku jarrabawa, kuma mu biyar da muke karatu tare ni aka ɗora wa haɗa mana takardar bita mai taƙaitaccen bayani da tambayoyi. Ta ina zan fara, me kuma zan bari? Ɗalibarka daga Haɗeja.*

Wa alaikumus salam 'yata. Ajiye biron jan layin nan tukuna, ki samo fallen takarda babba da fensir, ki rufe littafin. Aikin farko zane ne, kuma da ka za ki yi shi.

Duk tsawon babin nan, abu iri biyu kaɗai yake ɗauke da su. Akwai wuraren da ruwa yake zama, mu kira su rumbuna: teku, iska, gajimare, ƙanƙarar da ke kan manyan duwatsu da ƙarshen duniya na arewa da kudu, koguna da tafkuna, damshin ƙasa, ruwan ƙarƙashin ƙasa, da jikin tsirrai. Sai kuma hanyoyin da ruwa yake bi ya bar wani rumbu ya shiga wani. Ki zana akwati ga kowane rumbu, ki ja kibiya ga kowace hanya, gwargwadon abin da kike iya tunawa. Kada ki wuce minti goma. Sannan ki buɗe littafin, ki ɗauki jan biro ki cike abin da kika bari, ki gyara kibiyar da kika juya baya. Abin da ya fito da ja shi ne ainihin abin da ba ki sani ba, kuma a kansa takardar bitar za ta fi tsayawa. Karatu sau uku yana sa ido ya saba da shafi har mutum ya ɗauka ya iya, alhali ganewa ce kawai idan an nuna masa. A ɗakin jarrabawa kuwa ba a nuna wa kowa shafi, cewa ake ya fito da abin daga kansa.

Da zanen a gabanki, ki sake bin babin sakin layi bayan sakin layi, kina tambayar kowanne: akwati kake bayani ko kibiya? Ki rubuta amsar da fensir a gefen shafi. Za ki ga wasu sakin layin ba su faɗa ko ɗaya ba, kamar gabatarwa kan amfanin ruwa ga rayuwa, ko maimaicin abin da aka riga aka faɗa. Waɗannan ki karanta su sau ɗaya ki wuce, ba su da gurbi a takardarki. Wannan ita ce amsar abin da za ki bari.

Kowace kibiya kuma tambaya huɗu za ki yi mata, kuma amsoshin su ne taƙaitawarki: daga ina ruwan ya taso, ina ya nufa, me ke tura shi, me ke ƙara masa sauri ko ya rage. Layi huɗu zuwa biyar sun isa kowace kibiya. Idan kika ga kin kai layi goma, kwafi kika koma yi.

Bari mu yi guda ɗaya tare, wadda ta fi rikita ɗalibai, wato abin da ke faruwa da ruwan sama bayan ya taɓa ƙasa. Littattafai sukan ba wannan shafi biyu ko uku, suna jero irin ƙasa, gangare, ciyayi, ƙarfin ruwan, gine-gine, duk a cakuɗe. Ga yadda zai zama a takardarki:

"Ruwan da ya sauka hanya biyu ke gabansa: ko ƙasa ta shanye shi, ko ya malala a kanta zuwa kwata da rafi. Nauyinsa ne ke jan sa ƙasa a duka biyun. Kowace ƙasa tana da iyakar abin da take iya sha a awa guda. Idan ruwan ya fi wannan iyaka ƙarfi, ragowar sai ta malala. Shanyewa tana ƙaruwa a jigawa, a shimfiɗaɗɗen wuri, a inda ciyawa ta rufe, da lokacin yayyafi mai daɗewa. Malala tana ƙaruwa a laka, a fako, a gangare, a kan kwalta da siminti, da kuma inda ƙasa ta riga ta ƙoshi."

Ki lura da jimla ta uku, ta iyakar abin da ƙasa ke sha. Ita ce ƙashin bayan shafukan nan gaba ɗaya, sauran duk misalanta ne. Ɗalibin da ya haddace jerin abubuwa biyar ba tare da ita ba, da an juya masa tambaya ya ɓace. Wanda ya riƙe ta kuwa, ko ya manta jerin zai sake gina shi, domin ya san abin da ake nema shi ne duk abin da ke rage wa ƙasa ƙofofin shan ruwa ko ya rage wa ruwan lokacin tsayawa. A kowace kibiya akwai irin wannan jimla guda. A ƙafewar ruwa, ita ce cewa ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga wani wuri, shi ya sa randa mai tsattsafo take sanyaya ruwan cikinta. A komawar tururi ruwa, ita ce cewa iska idan ta yi sanyi, yawan tururin da zai iya zama a cikinta yana raguwa, sai rarar ta koma ɗigo a kan ƙura da sauran ƙananan abubuwan da ke yawo a sama. Nemo wannan jimla shi ne aikin taƙaitawa, kuma shi ne yake cin lokaci. Ki ba shi.

Tun da littafin da jarrabawar duk da Turanci suke, ki rubuta sunan kowace kibiya daidai yadda littafin ya rubuta shi, harafi da harafi, a saman bayaninta. Bayanin kuma ki fara faɗinsa da baki da Hausa, kamar kina yi wa ƙanwarki. In ya fito sumul, kin gane, sai ki mayar da shi gajeren Turancin da za ki iya rubutawa a jarrabawa. In kika ji harshenki ya sarƙe kina neman komawa ga kalmomin littafi, to wurin bai zauna ba, ki koma ki sake karanta shi shi kaɗai.

Akwai kurakurai biyu da zanen littafi da kansa yake jawowa, ina so ki tare su tun a takardarki. Na farko, yawancin ɗalibai suna rubuta cewa gajimare tururi ne. Ba haka ba ne. Tururin ruwa ba a ganinsa da ido. Gajimare ƙananan ɗigon ruwa ne, ko ƙwayoyin ƙanƙara, wato tururin da ya riga ya koma ruwa. Ki dubi buta tana tafasa: daidai bakinta akwai ɗan wurin da ba ki ganin komai, nan tururin yake, farin abin da ke tashi gaba kaɗan ya riga ya sha iska mai sanyi ya koma ɗigo. Saboda haka iska da gajimare akwati biyu ne a zanenki, da kibiya a tsakaninsu.

Na biyu, zanen da'ira yana sa a ɗauka kowane ɗigo sai ya bi layi: daga teku zuwa sama, zuwa tudu, zuwa kogi, ya koma teku. Mafi yawan ruwa ba ya yin wannan doguwar tafiya. Daga abin da ya tashi daga teku, kusan kashi 9 cikin 10 a kan tekun yake sake zuba. Wanda ya sauka a tudu kuma, kusan kashi 2 cikin 3 yana komawa sama ta ƙafewa da ta ganyen tsirrai bai ga teku ba. Don haka zanenki yana buƙatar gajerun kibiyoyi masu komawa baya, kuma su ne ɗalibai suka fi mantawa.

Ke ma kina zaune a bakin misali mafi kyau na wannan. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Shi kuma yana bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru, inda ruwa mai yawa yake ƙafewa ko ya nutse ƙasa, ragowar ta haɗu da ruwan Kogin Jama'are ta bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Tafkin Chadi kuma ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa zuwa teku. Ki zana wannan a ƙasan babban zanenki, ƙarami, da akwatuna da kibiyoyi iri ɗaya. Madatsar ruwa ta Tiga da ke kan Kogin Kano akwati ce da mutum ya ƙara da hannunsa, kuma idan babinku yana da sashe kan yadda ɗan Adam yake sauya zagayen ruwa, kin samu misalin da ba za ki manta ba.

Alƙaluma kuwa kada ki tara su. Ki ware musu ɗan akwati a kusurwar shafi, guda biyar ko shida kawai. Kusan kashi 97 cikin 100 na ruwan duniya yana teku, mai gishiri ne. Daga ɗan abin da ya rage, kusan kashi 2 cikin 3 ƙanƙara ce, wajen kashi 30 cikin 100 yana ƙarƙashin ƙasa, koguna da tafkuna kuwa ɗan mitsitsi ne. Ruwa yakan yi kwana 9 ko makamancin haka a iska kafin ya sauko, amma a teku yakan kai shekara dubu uku. Littattafai sukan ɗan saɓa a waɗannan, wani ya ce 97, wani ya ce 97.5, ki bi na littafinku. Abin da ya fi muhimmanci shi ne ki rubuta kashin ME ake nufi a gaban kowane adadi. Nan ne maki yake zubewa: ɗaliba ta rubuta cewa kashi 30 na ruwan duniya yana ƙarƙashin ƙasa, alhali kashi 30 ne na ruwan da ba shi da gishiri.

Yanzu sai tambayoyi, kuma a nan nake so ki fi daɗewa, domin su ne rabin amfanin takardar. Guda 25 sun isa, amma kada su zama iri ɗaya. Goma su zama na tunawa kai tsaye: ma'anar kalma, sunan kibiya, adadi. Waɗannan ba su da wuyar haɗawa, ki juya kan kowace taƙaitawa ya zama tambaya, kin gama. Ɗaya daga cikin goman ta zama ta zane: ki kwafi zanenki ba tare da sunaye ba, ki sa lamba a kowace kibiya, mai amsa ya cike.

Wasu goman su zama na "me ya sa" da na "bambanta", waɗanda ake ginawa a kan jimlar nan ta ƙashin baya. Misali: Me ya sa wanki yake saurin bushewa da hunturu duk da sanyin gari? Amsar da ake nema ita ce iskar hunturu busasshiya ce kuma tana kaɗawa, tana kwashe tururin daga jikin tufa. Wanda ya haddace cewa zafi kaɗai ke kawo ƙafewa zai tsaya cak a nan. Ko kuma: Me ya sa ake samun raɓa da asuba amma ba a samunta da azahar? Ko: Bambanta shigar ruwa cikin ƙasa daga sama da ci gaba da gangarawarsa har ya kai ruwan ƙarƙashin ƙasa. Littafinku yana da suna daban ga kowanne, kuma masu jarrabawa suna son haɗa su.

Biyar na ƙarshe su zama na "idan aka sauya kaza, me zai biyo baya", su ne masu wuya kuma su ne masu nuna ko an gane. Ga ɗaya cikakkiya da amsarta, ki auna sauran a kanta. Tambaya: Ruwan farko na watan Yuni da ruwan ƙarshen Agusta sun zo daidai yawa a gona ɗaya. Wanne zai fi malala, kuma me ya sa? Amsa mai maki uku: na Agusta (maki 1); saboda ruwan makonnin baya ya cika ƙofofin ƙasa, ta ƙoshi (maki 1); don haka abin da take iya sha a awa ya ragu, ragowar ta bi doron ƙasa zuwa kogi (maki 1). Ki riƙa rubuta amsoshinki haka, a rarrabe da makinsu. In ba haka ba, mai gwada kanta za ta ga ta ambaci Agusta ta ba kanta cikakken maki, ba ta lura ta tsallake dalilin ba. Wata cikinku tana iya kawo hujjar cewa busasshen fako ma yana korar ruwan farko. Gaskiyarta, kuma idan gardama irin wannan ta tashi a zamanku, tambayar ta yi aikinta. Sai ki gyara ta ki ce gonar jigawa ce da aka yi wa huɗa.

Idan babin yana da lissafi, galibi wannan ne, ko da haruffan sun ɗan bambanta a littafinku:

```
P = E + R + ΔS
```

P ruwan da ya sauka, E wanda ya koma sama ta ƙafewa da ta ganye, R wanda ya malala ya fita, ΔS kuma ƙaruwa ko raguwar abin da aka ajiye a ƙasa. Ki ƙirƙiri adadi na gwaji: a ce milimita 800 suka sauka a shekara, 620 suka koma sama, 120 suka malala. Saura 60, wato ajiya ta ƙaru. Sai ki sake tambayar da ruwan shekara 700 kawai: amsar ta zama 40 ƙasa da sifili, ma'ana an ci daga ajiya, kuma alamarsa a zahiri ita ce rijiya ta ja baya, guga na neman ƙarin igiya. Ɗalibai da yawa idan suka ga amsa ƙasa da sifili sukan ɗauka sun yi kuskure su goge, don haka ki tabbata irin wannan tana cikin tambayoyinki.

Milimita ma kanta tana buƙatar a ba ta jiki. Milimita 1 ta ruwan sama a kan fili mai mita 1 tsawo da mita 1 faɗi lita 1 ce cif. Rufin kwano mai mita 10 da mita 8 murabba'in mita 80 ne. Ruwan milimita 25 a kansa lita 2,000 ke nan, duro goma masu cin lita 200. Wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya, adadin da ke cikin jadawalin littafi ya daina zama masa baƙaƙe kawai.

In za ki sa tambayoyin zaɓi, amsoshin ƙaryar su fito daga kurakuranku na gaske. Ki karɓi takardun gwajin ku biyar ɗin, ki duba abin da kowa ta rubuta ba daidai ba, ki sa shi cikin zaɓin. Zaɓin ƙarya da kowa zai gane da kallo ɗaya ɓata takarda ne.

Gaba ɗaya takardar kada ta wuce shafi huɗu: ɗaya na zane da akwatin alƙaluma, ɗaya da rabi na taƙaitawa, ɗaya da rabi na tambayoyi. Amsoshi a wani fallen daban, da lambar shafin littafi a gaban kowace, don mai shakka ta koma ta duba. Kada ki sa amsa a ƙasan tambaya ko a gefenta; ido yana sata ba tare da mai shi ya sani ba. Kafin ki kai a buga muku kwafi, ki nuna wa malaminku shafin amsoshin ya duba, domin kuskure ɗaya a cikinsa mutum biyar zai shiga.

Haɗa takardar zai ɗauke ki zama uku na wajen minti 45: zane da rarraba sakin layi, taƙaitawa, tambayoyi. Kin ga kwana uku ke nan. Ina kuma ba ki shawara kada ki ɗauki aikin ke kaɗai, ba don nauyinsa ba, sai don wadda ta haɗa tambaya ta fi wadda aka miƙa wa ƙaruwa nesa ba kusa ba. Ke ki yi zanen da taƙaitawar don su zo da murya ɗaya, amma kowace cikinku ta kawo tambaya biyar da amsarsu, ki tace.

Bayan nan, ku gwada kanku washegarin gamawa, sai bayan kwana uku, sai bayan mako guda, sai kuma saura kwana biyu jarrabawa. Kowane zama a fara da zana akwatuna da kibiyoyi a farar takarda, littafi a rufe, sannan tambayoyi, a rubuce ba da baki ba. Tambayar da kika ci sau biyu a jere ki sa mata alama ki huta da ita sai zaman ƙarshe. Wadda kika faɗi sau biyu kuma, kada ki tsaya haddace amsarta. Ki koma ga taƙaitawar kibiyar da ta fito daga ciki, domin sau da yawa za ki tarar jimlar ƙashin bayan ce ba ta fito fili ba, sai ki sake rubuta ta da kalmominki. Zaman farko zai yi ɗaci, wataƙila ki ci rabi ko ƙasa da haka, ki ji kamar gara karatun da kika saba. Ki daure, ki rubuta makin kowane zama da kwanan watansa a bayan takardar, ki duba jan biron da ke kan zanenki yana raguwa ko ba ya raguwa. Idan a zama na uku har yanzu kibiya ɗaya ce take fitowa da ja, ki ɗauke ta ita kaɗai ki kai wa malaminku da tambaya takamaimai. Allah ya ba ku sa'a, ke da 'yan'uwanki.